Kundin aiki: folinomiyal ɗin da ya ƙi tsaguwa, ya kuma ƙi ba da hujja

4 ga Maris

Na fara rubuta wata ƙaramar manhaja da Python. Za a ba ta folinomiyal wanda kofishan ɗinsa, wato lambobin da ke gaban x da na ƙarshe, duk cikakkun lambobi ne. Ita kuma ta faɗi ko yana tsaguwa a kan lambobin kaso, irin a/b. Abin da nake nufi da tsaguwa shi ne a iya rubuta shi a matsayin folinomiyal biyu da aka ninka da juna, kowanne darajarsa, wato adadi mafi girma da ke saman x a cikinsa, ta gaza ta uwar. Misali x² − 4 yana tsaguwa, don (x − 2)(x + 2) ne. Shi kuwa x² − 2 ba ya tsaguwa, tunda √2 ba lambar kaso ba ce.

Akwai manhajojin da suka daɗe da iya wannan. Ka rubuta `factor` a SymPy, wani kayan aikin lissafi na Python, kafin ka ɗaga kai ka ga amsa. Sai dai amsa kawai za ka gani. Ni abin da nake so shi ne amsa tare da dalili, dalilin da mutum zai ɗauki biro da takarda ya tabbatar da kansa cikin 'yan mintuna. Saboda haka amsoshin manhajata uku ne: "yana tsaguwa, ga ɓangarorin", ko "ba ya tsaguwa, ga hujja", ko "ban sani ba". Ta ukun ba abin kunya ba ce. Na fi son ta da amsar ƙarya.

Abu na farko da ya sauƙaƙa aikin shi ne ƙa'idar Gauss, wadda ta samo asali daga littafinsa na 1801. Ta ce idan folinomiyal mai cikakkun lambobi ya tsage a kan lambobin kaso, to yana tsaguwa da cikakkun lambobi ma, kuma darajar ɓangarorin ba za ta sauya ba. Dubi 6x² + x − 2. Ana iya rubuta shi (x − 1/2)(6x + 4). Ka ciro 2 daga ɓangare na biyu ka ba na farko, sai ya koma (2x − 1)(3x + 2). Kullum ana iya irin wannan gyaran. Ke nan ba sai na bi lambobin kaso ina lalube ba. Cikakkun lambobi sun ishe ni, kuma a kansu ne ake iya tambayar wace lamba ke raba wace.

6 ga Maris

Na sa gwajin saiwa, wato lambar da in aka sa ta a gurbin x folinomiyal ɗin zai ba da sifili. Idan a/b saiwar folinomiyal ce, kuma an rage kason iya raguwa, dole a ta raba kofishan na ƙarshe, b kuma ta raba na gaba. Lambobin da za a gwada ba su da yawa, sai a bi su ɗaya bayan ɗaya.

Nan na tafka kuskuren farko. Na sa manhajar ta ce "ba ya tsaguwa" duk lokacin da ba ta sami saiwa ba. Na ba ta x⁴ + 4, ta gwada ±1, ±2, ±4, babu wadda ta ba da sifili, ta amsa da ƙarfinta cewa ba ya tsaguwa. Alhali kuwa

x⁴ + 4 = (x² + 2x + 2)(x² − 2x + 2).

Rashin saiwa ɓangare mai daraja 1 kaɗai yake kawarwa. A daraja 2 da 3 wannan ya wadatar, domin 3 ba ta kasuwa sai 1 da 2. Daga daraja 4 zuwa sama kuwa, akwai 2 da 2, akwai 2 da 3, kuma gwajin saiwa ba ya ganin su ko kaɗan. Na gyara. Na kuma ajiye x⁴ + 4 a cikin misalan da dole kowane sabon gwaji ya wuce ta kansu.

9 ga Maris

Yau ranar gwajin Eisenstein ce, wanda saboda shi na fara aikin tun farko. Sunan Eisenstein ne ya bi shi, don ya buga shi a 1850, amma Schönemann ya riga shi a 1846, kuma a mujalla ɗaya, ta Crelle.

Ana neman lamba firam guda, wato lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta. A kira ta p. Sharuɗɗa uku ne: p ba ta raba kofishan na gaba ba, p ta raba duk sauran, sannan p² ba ta raba na ƙarshe ba. In aka sami p guda da ta cika ukun, folinomiyal ɗin ba ya tsaguwa a kan lambobin kaso.

Na gwada da 2x⁵ − 15x³ + 9x + 21. Da p = 3: 3 ba ta raba 2 ba. Ta raba 15 da 9 da 21, ta kuma raba sifilin da ke gaban x⁴ da x², tunda kowace lamba tana raba sifili. Sannan 9 ba ta raba 21 ba. Magana ta ƙare. Daraja 5, amma layi biyu sun kashe ta.

```python
def eisenstein(a, p):
    # a[0] na ƙarshe, a[-1] na gaba
    return (a[-1] % p != 0
            and all(c % p == 0 for c in a[:-1])
            and a[0] % (p * p) != 0)
```

Ba sai an yi ta gwada firam barkatai ba. Ka nemo babbar lambar da ta raba duk kofishan in ban da na gaba. A misalin nan 3 ce. Firam ɗin da ke cikinta su kaɗai ne 'yan takara. In ta fito 1, gwajin ba shi da ta cewa.

Na rubuta hujjar a nan don ita ce za ta gaya mini inda gwajin zai gaza. A ce f = g·h, da cikakkun lambobi kamar yadda Gauss ya ba mu dama, kowanne darajarsa aƙalla 1. Yanzu a duba komai modulo p, wato a maye gurbin kowace lamba da ragowarta bayan an raba da p. Duk kofishan na f sun zama sifili sai na gaba, saura c·xⁿ kaɗai. To modulo firam, abin da zai raba xⁿ sai dai wani x mai ƙaramar daraja, da wata lamba a gabansa. Ke nan g ya koma wata lamba sau xʳ, h ya koma wata lamba sau xˢ. Kuma darajarsu ba ta faɗi ba, domin p ba ta raba kofishan na gaba ba. Ma'ana p ta raba kofishan na ƙarshe na g, ta kuma raba na h. Na ƙarshen f kuwa shi ne waɗannan biyun an ninka. Ke nan p² ta raba shi. Sharaɗi na uku ya ce a'a. Saboda haka babu g da h ɗin tun farko.

Kowane sharaɗi da aikinsa. Ka cire na uku, x⁴ + 4 zai tsallake da p = 2, ga shi kuwa mun san yana tsaguwa. Dubi ɓangarorinsa ma: kowanne ya ƙare da 2, 2 sau 2 ya ba da 4, daidai yadda hujjar ta zana. Ka bar p ta zama ba firam ba, x² + 4x + 4 zai tsallake da 4, tunda 4 ta raba 4 kuma 16 ba ta raba ba, alhali (x + 2)² ne.

10 ga Maris

Ƙaramin ƙari. Ana iya juya kofishan baya ya koma gaba, tsaguwa ba ta sauyawa muddin na ƙarshe ba sifili ba ne. 2x⁵ − 4x² − 3 ya ƙi gwajin a yadda yake. Juya shi ya zama −3x⁵ − 4x³ + 2, sai p = 2 ta kama shi. Layi ɗaya ne a manhajar.

15 ga Maris

Mafi yawan folinomiyal da na jefa wa manhajar, Eisenstein shiru yake yi. Dabarar da ke faɗaɗa shi ita ce gusarwa: a sa x + a a gurbin x. Idan f(x) ya tsage, f(x + a) ma zai tsage, haka kuma in aka juya maganar, don haka hujja a kan ɗaya hujja ce a kan ɗayan.

x⁴ + 1 ba shi da ɗan takara ko ɗaya. Amma (x + 1)⁴ + 1 = x⁴ + 4x³ + 6x² + 4x + 2, kuma nan p = 2 ta zauna daram. Haka x⁴ + x³ + x² + x + 1 yake komawa x⁴ + 5x³ + 10x² + 10x + 5, p = 5 ta kama shi.

Da farko na sa manhajar ta gwada a daga −100 zuwa 100. Wannan lalube ne cikin duhu, kuma in ba ta samu ba, ba ni da ikon cewa babu a 101. Na kwana biyu ina juya abin kafin na ga cewa hujjar ranar 9 ta riga ta ba da amsa. Idan gwajin zai yi aiki bayan an gusa da a, dole f modulo p ya zama wata lamba sau (x − a)ⁿ, wato duk saiwoyinsa su taru wuri ɗaya. Saiwoyi ba sa haɗuwa modulo p sai p ta raba diskiriminan na f, lambar nan da ake lissafawa daga kofishan, wadda a daraja 2 ita ce b² − 4ac da kowa ya sani. Ke nan firam ɗin da za a gwada ƙididdigaggu ne.

Saura a. Kofishan na ƙarshe bayan gusarwa shi ne f(a). In ka ƙara wa a wani ninkin p, ka ce pk, to modulo p² sauyin da f(a) zai yi shi ne pk sau kofishan na x. Shi kuwa kofishan na x p ta riga ta raba shi. Sauyin ke nan ninkin p² ne, bai taɓa sharaɗi na uku ba. Ashe a daga 0 zuwa p − 1 sun isa. Yanzu in manhajar ta ce Eisenstein ba zai yi ba, to ba zai yi ba da kowace cikakkiyar lamba aka gusa.

16 ga Maris

Gwaji na biyu mai amfani da firam: rage f modulo p, in ragaggen bai tsage ba, f ma bai tsage ba. Dalili a fili yake, duk tsaguwar da f ya yi tana bin sa zuwa modulo p. Amfaninsa shi ne modulo p lambobi p ne kacal, ana iya ƙare bincike.

x⁴ + 2x³ − 4x² + 3x + 5 modulo 2 ya zama x⁴ + x + 1. Sa 0 ka sami 1, sa 1 ka sami 1, babu saiwa. Folinomiyal mai daraja 2 da ba ya tsaguwa modulo 2 guda ɗaya ne tak, x² + x + 1, in ka ninka shi da kansa kuma x⁴ + x² + 1 yake bayarwa, ba namu ba. An gama.

Wani abokin aikina ya leƙo ya karanta abin da na rubuta, ya ce, "Malam, ba ta 2x² + 3x + 1 mu gani." Na ba ta. Ta rage shi modulo 2, ya zama x + 1, ta ce ba ya tsaguwa. Shi kuwa (2x + 1)(x + 1) ne, yaro ma ya sani. Ɓangaren 2x + 1 ya narke ya zama 1, daraja ta faɗi, tsaguwar ta ɓuya. Na manta sharaɗin cewa kada p ta raba kofishan na gaba. Ya yi dariyarsa ya tafi.

Ko da f ya tsage modulo kowace p da aka gwada, yadda ya tsage yana da amfani. x⁴ + x³ + 3x² + 4x + 5 modulo 2 ya kasu (x + 1)(x³ + x + 1), daraja 1 da 3. Modulo 3 ya kasu (x² + 1)(x² + x + 2), daraja 2 da 2. Kowane ɓangare a nan ya kai ƙarshe, ba ya ƙara tsaguwa. To 2 ta ce in f zai tsage sai dai 1 da 3, 3 ta ce sai dai 2 da 2. Ba yadda za a gamsar da su duka, ke nan bai tsage ba. Na sa wannan ma.

22 ga Maris

Na haɗu da wanda ya fi ƙarfin duk abin da na tara:

f = x⁴ − 10x² + 1.

Saiwoyinsa su ne ±√2 ± √3. Gwajin saiwa: ±1 kaɗai ne 'yan takara, duka −8 suke bayarwa. Manhajar ta shiga rage shi modulo firam ɗaya bayan ɗaya. Modulo 5 ya zama (x² − 2)(x² + 2). Modulo 7, (x² − x − 1)(x² + x − 1). Modulo 11, (x² − x + 1)(x² + x + 1). Modulo 23 ma ya tarwatse gida huɗu, saiwoyinsa 2, −2, 12, −12. Ka duba f(2) = 16 − 40 + 1 = −23. Na bar ta ta yi ta tafiya har firam ɗin da ke ƙasa da 10,000, ina tsammanin wata za ta tsaya masa. Ko ɗaya. Kullum ko 2 da 2, ko 1 sau huɗu, kuma duka biyun ba sa hana 2 da 2.

Na zaci wani kuskuren ne kuma a manhajar. Ba shi ba ne. Ana iya rubuta f ta fuska uku:

(x² − 1)² − 8x²
(x² + 1)² − 12x²
(x² − 5)² − 24

Kowacce siffar A² − B ce, wadda za ta tsage ta zama (A − C)(A + C) in har B = C². Ta farko tana buƙatar 2 ta zama murabba'i, wato wata lamba sau kanta, tunda 8 = 4·2. Ta biyu tana buƙatar 3, ta uku tana buƙatar 6. A lambobin kaso babu murabba'i a cikinsu. Modulo firam labari ya sha bamban. Modulo 7, 3² = 9 ya bar ragowar 2. Modulo 11, 5² = 25 ya bar 3. Modulo 5, 6 ita ce 1.

Kuma ba sa'a ba ce. Modulo kowace firam akwai lamba g wadda duk lambobin da ba sifili ba daga ninka ta da kanta suke fitowa: g, g², g³, haka dai. Murabba'i su ne waɗanda aka ninka g sau 2, 4, 6, sauran kuma sau 1, 3, 5. In 2 ba murabba'i ba ce, 3 ma ba ita ba ce, to kowacce tana cikin rukuni na biyu, in ka ninka su kuwa adadin ya haɗu ya faɗa rukuni na farko, kamar yadda 1 da 3 suke ba da 4. Ke nan 6 murabba'i ce. Ko ta yaya, ɗaya daga cikin ukun za ta buɗe ƙofa. Da na bar manhajar har shekara tana gudu, ba za ta sami firam ɗin ba, don babu ita.

23 ga Maris

Eisenstein fa? Diskiriminan ɗinsa 147456 ne, wato 2¹⁴ × 3². 'Yan takara 2 da 3. Modulo 3, f ya zama (x² + 1)², ba siffar (x − a)⁴ ba ce, 3 ta fita. Modulo 2 ya zama (x + 1)⁴, akwai fata. Na gusa da 1:

g = x⁴ + 4x³ − 4x² − 16x − 8.

Sharaɗi na farko da na biyu sun cika. Na uku ya faɗi, 4 ta raba 8. Kuma bisa abin da na gano ranar 15, babu wata gusarwar da za ta cece shi.

Da hannu kuwa abin ba wuya. A ce f = (x² + ax + b)(x² + cx + d). Babu x³, don haka c = −a. Sannan bd = 1, ke nan ko duka 1 ko duka −1. Kofishan na x² ya ce b + d − a² = −10. In duka 1 ne, a² = 12. In duka −1 ne, a² = 8. Babu cikakkiyar lamba a ko'ina. Ba ya tsaguwa, kuma 8 da 12 ɗin jiya ne suka sake ɓullowa.

Amsa ta samu, amma raina bai kwanta ba. Wannan hanyar ta yi sauƙi ne don daraja 4 ce kuma kofishan na ƙarshe 1 ne. A daraja 10, da na ƙarshe mai masu raba shi da yawa, takardar ba za ta ɗauka ba. Ba irin hujjar da na yi niyya ba ce.

30 ga Maris

Mako guda ina komawa kan g. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 2 ba sau ɗaya ta raba kofishan ɗinsa ba. Ta shiga 4 sau biyu, ta shiga 16 sau huɗu, ta shiga 8 sau uku. Eisenstein tambaya ɗaya yake yi, ta raba ko ba ta raba ba, sauran bayanin ya zubar.

Na sake bin hujjar ranar 9 a kan g, amma ban tsaya inda ta saba tsayawa ba. A ce g = (x² + ax + b)(x² + cx + d). Modulo 2, g ya zama x⁴, saboda haka 2 ta raba a, b, c, d duka. Yanzu bd = −8, wato akwai 2 guda uku da za a raba wa mutum biyu, kowa kuma dole ya sami aƙalla ɗaya. Rabon ba zai yi daidai ba: ɗaya ya sami guda, ɗaya ya sami biyu. A ce b ne mai guda, d mai biyu. Dubi kofishan na x², wanda shi ne b + d + ac. 4 ta raba d. 4 ta raba ac, tunda kowannensu na ɗauke da 2. Amma 4 ba ta raba b ba. Ke nan 4 ba za ta raba jimlar ba. Ga shi kuwa jimlar −4 ce. Karo ya auku, babu 2 da 2. Lamba firam ɗin nan dai, 2, ita ce ta yi aikin, tun farko ba a yi mata tambayar da ta dace ba ne.

Wannan ba sabon abu ba ne. Dumas ya faɗaɗa gwajin a 1906, kuma abin da na yi da hannu ƙaramin yanki ne na nasa. Ga yadda na sa shi a manhajar. Ga kowane kofishan aᵢ, a ƙirga sau nawa p ta shige shi, a kira adadin v(aᵢ). A ce v na kofishan na gaba 0 ne, na ƙarshe kuma k. A zana ɗigo (i, v(aᵢ)) a takarda, a ja miƙaƙƙen layi daga (0, k) zuwa (n, 0). In babu ɗigon da ya faɗo ƙarƙashin layin, kuma babu lambar da ta raba k da n tare sai 1, to folinomiyal ɗin ba ya tsaguwa.

A kan g, n = 4, k = 3. Tsayin layin a i = 1 shi ne 2.25, ɗigon yana 4. A i = 2 layin yana 1.5, ɗigon yana 2. A i = 3 layin yana 0.75, ɗigon yana 2. Duk suna sama. 3 da 4 kuma ba su da mai raba su tare. Hujja ta cika cikin layi uku.

Yadda na fahimci dalilin shi ne, gangaren layin yana faɗin rabon kowace saiwa daga cikin 2 ɗin nan uku, kuma a nan rabon kowacce 3/4 ne. Ɓangare mai daraja r saiwoyi r ya kwasa, don haka 2 za ta shige kofishan ɗinsa na ƙarshe sau 3r/4. Dole wannan ya zama cikakkiyar lamba, ba a shiga lamba sau ɗaya da rabi. Da r = 1, 2, 3 ana samun 0.75, 1.5, 2.25. Sai r = 4 kaɗai, wato g ɗin gaba ɗayansa. Eisenstein shi ne lokacin da k = 1: kowace saiwa ta sami 1/n. Na kuma gwada tsohon abokina x⁴ + 4. Nan k = 2, n = 4, 2 ta raba su duka, gwajin ya yi shiru kamar yadda ya kamata. Rabon saiwa 1/2 ne, saiwa biyu sun haɗa 2 guda cif, abin da ɓangarorinsa suka nuna ke nan.

Matsala ɗaya ta biyo baya. Hujjar da ta taƙaita a tsakanin 0 da p − 1 modulo p² aka gina ta. Dumas yana kallon p³ da p⁴, don haka gusarwa da a da gusarwa da a + p suna iya ba da zane daban. A yanzu na sa ta gwada har p³, na kuma sa ta riƙa faɗa cewa iyakar binciken ke nan, ba tabbacin babu ba ne.

2 ga Afrilu

Na ƙara √5 a kan √2 da √3, don in ga iyakar sabon gwajin. Folinomiyal ɗin da saiwoyinsa su ne ±√2 ± √3 ± √5 shi ne

x⁸ − 40x⁶ + 352x⁴ − 960x² + 576.

Irin waɗannan ana kiran su da sunan Swinnerton-Dyer, kuma an san su da wahalar da manhajojin tsaga folinomiyal. Shi ma yana tsaguwa modulo kowace firam. Modulo 3 ya zama x⁴(x² + 1)², modulo 5 ya zama (x⁴ + 1)², duka ba siffar (x − a)⁸ ba. Saura 2. 576 = 2⁶ × 9, ke nan k = 6, n = 8, 2 ta raba su. Na gusa da 2, kofishan na ƙarshe ya fito 64. Na gusa da 4, ya fito −22976, wato −64 × 359. Shida ɗin dai ba ta motsa ba. Rabon saiwa 3/4 ne kamar na baya, amma yanzu saiwa huɗu sun haɗa 2 guda uku cif, don haka zanen ya kawar da kowace tsaguwa in ban da 4 da 4.

Manhajar ta ce "ban sani ba". Na ƙara mata layi ta riƙa faɗin abin da ya rage: "in zai tsage, sai dai 4 da 4".

Aikin mako mai zuwa shi ne hanyar Zassenhaus ta 1969. A tsaga modulo firam guda da ba ta raba diskiriminan ba, a nan 7 ce ta farko. A ɗaga ɓangarorin zuwa modulo 49, 343 da sama da dabarar Hensel, har a wuce iyakar girman da kofishan na ɓangaren gaskiya zai iya kaiwa, sannan a gwada haɗa su. Modulo 7 ɓangarori huɗu ne masu daraja 2, kuma tunda 4 da 4 kaɗai ya rage, hanyoyin raba su biyu-biyu uku ne kacal. Abin da zan fara zaunawa a kai gobe shi ne lissafin iyakar girman nan, don shi zai faɗa mini sau nawa zan ɗaga.